Me Ke Sa Waya Ta Kai Ka Shafin Da Ba Ka Nema Ba?

Gabatarwa

Duk mai amfani da wayar salula wajen shiga intanet, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan al'amari ba. Mutum yana cikin karanta labari ko neman darasi, sai kawai shafin da yake kai ya ɓace, wani ya maye gurbinsa. Sabon shafin ya ce masa ya ci kyautar waya, ko an ware masa data kyauta, ko kuma wai an gano bairos a wayarsa, kuma in bai latsa wani maɓalli nan take ba wayar za ta lalace. Wannan shi ne abin da za mu kira karkatarwa, wato a juya akalar mai karatu daga inda ya nufa zuwa inda wani yake so ya je.

Hatsarin da ke cikin wannan ya wuce ɓacin rai. Ta wannan hanya ake raba mutane da lambobin sirrin katin banki, ake cinye musu kuɗin kira, ake kuma ƙwace akwatin imel ko asusun WhatsApp. A ɗaya ɓangaren, wanda ya firgita ya goge komai ba tare da shiri ba, yakan yi asarar hotunansa da kalmomin sirrinsa, kuma sau da yawa matsalar tana nan daram. Saboda haka wannan maƙala za ta bayyana yadda karkatarwa take aukuwa, da yadda ake gano tushenta, da yadda ake mayar da burauza sabuwa ba tare da an yi asara ba. Za mu taƙaita a kan wayar Android da burauzar Chrome, domin su ne suka fi yawa a hannun ɗalibai da malamai. Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita.

Yadda karkatarwa take aiki

Ya kamata mu fara da sanin cewa karkatarwa a karan kanta ba laifi ba ce. Tana cikin ƙa'idojin yanar gizo tun da wuri, kuma tana cikin bayanin ƙa'idar HTTP/1.0 da aka wallafa a 1996. Idan burauza ta nemi wani shafi, kwamfutar da ke riƙe da shafin takan ba ta amsa mai ɗauke da lamba. Lamba 200 tana nufin ga abin da kika nema. Lamba 404 tana nufin ba a same shi ba. Lamba 301 da 302 kuwa suna nufin shafin ya koma wani adireshi, na farko ƙaura ta dindindin, na biyu ta wucin gadi. Ga yadda amsar take:

```
HTTP/1.1 302 Found
Location: https://wani-shafi.example/
```

Da zarar burauza ta ga wannan, sai ta wuce sabon adireshin ba tare da ta tambayi mai waya ba. Kamar dai mutum ne ya je shagon da ya saba, ya tarar da takarda a ƙofa an rubuta cewa an koma layi na gaba. Makarantu da bankuna da jaridu duk suna amfani da wannan idan sun sauya adireshi.

Hanya ta biyu ita ce ta JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1995 domin shafuka su riƙa aiwatar da umurni a cikin burauza. Layi ɗaya tak ya isa ya ɗauke mai karatu daga inda yake:

```
window.location.href = "https://wani-shafi.example/";
```

A nan ne 'yan damfara suke samun ƙofa. Yawancin shafukan da ake karantawa kyauta suna rayuwa ne da talla, kuma mai shafin ba shi ne yake zaɓen kowace talla da hannunsa ba. Fili yake bayarwa haya ga dillalan talla, su kuma su sayar da filin ga wanda ya fi tayi, a cikin ƙiftawar ido, duk lokacin da wani ya buɗe shafin. Idan mazambaci ya sayi filin ya cusa irin wancan layi a cikin tallarsa, to mai karatu zai tsinci kansa a wani wuri, alhali mai shafin bai ma san an yi ba. Tun daga 2018 Chrome take toshe irin wannan karkatarwa idan talla ce ta yi ta ba tare da mutum ya taɓa komai ba. Shi ya sa mazambata suka koma shimfiɗa wani maɓalli marar ganuwa a kan shafi, ta yadda duk inda yatsa ya sauka an latsa shi.

Abin da shafin zamba ya iya da wanda bai iya ba

Shafin da ya ce ya binciki wayarka ya gano bairos ƙarya yake yi. Burauza tana tsare kowane shafi a cikin wani keɓaɓɓen shinge, ba shi da ikon leƙa fayilolin waya ko manhajojin da ke cikinta. Layin da ake gani yana tafiya kamar ana bincike zane ne kawai, kuma duk wanda ya buɗe shafin sakamako iri ɗaya zai gani.

To amma akwai 'yan abubuwan da shafi ya iya, waɗanda suke sa ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Yana iya tambayar burauza samfurin wayar, sai ya rubuta sunanta a cikin gargaɗinsa. Yana iya kintatar ƙasa da kamfanin sadarwa daga adireshin intanet na wayar. Yana iya sa waya ta yi girgiza. Yana kuma iya cusa kansa sau da yawa a cikin tarihin shafin, ta yadda in an latsa maɓallin komawa baya sai a sake dawowa kansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna cewa an shiga wayar.

Ma'anar wannan ita ce, a mafi yawan lokuta ganin shafin kaɗai ba ya cutarwa, musamman idan ana sabunta burauzar. Cutarwa tana farawa ne idan mutum da kansa ya aikata ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: ya rubuta bayanansa, ya latsa `Allow`, ya sauke fayil ya girka shi, ko ya kira lambar da aka nuna masa. Don haka abin da ya dace a yi a lokacin shi ne kada a taɓa komai a cikin shafin, har da maɓallan da aka rubuta `Close` ko `Cancel`, domin su ma mai shafin ne ya zana su. Sai a latsa ƙaramin akwatin nan mai lamba da ke gefen adireshi, a rufe shafin daga can. Idan ya ƙi rufuwa, a kunna `Airplane mode`, a fita daga Chrome, a sake buɗe ta. Da yake babu intanet shafin ba zai iya sake lodi ba, sai a rufe shi cikin natsuwa.

Yana da kyau ɗalibi ya koyi karanta adireshi. A dubi wannan:

```
https://bankinka.com.kyauta.example/shiga
```

Ana fara karatu ne daga sanda ta farko guda ɗaya, wato `/` da ke gaban `shiga`, a dawo baya. Mai shafin shi ne `kyauta.example`. Duk abin da ke hagu da wannan, mai shafin ne ya rubuta abin da ya ga dama. Haka kuma `https` ba shaidar gaskiya ba ce. Abin da take nufi shi ne an kulle saƙon da ke tafiya tsakanin waya da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne. Saboda mutane suna yi wa alamar kwaɗo wannan mummunar fahimta ne Chrome ta daina nuna ta a 2023.

Kafofi huɗu da matsalar ke shigowa

Kamar yadda likita ba ya ba da magani sai ya san cuta, haka bai kamata a goge komai ba sai an san ta inda ɓarakar take. Kafofin guda huɗu ne, kuma kowace tana da alamarta.

Ta farko ita ce shafin da ake ziyarta. Alamarta ita ce karkatarwar tana faruwa a shafi ɗaya ko biyu kawai, galibi na sauke fina-finai da waƙoƙi ko na kallon ƙwallo kyauta. Idan aka buɗe wannan shafi a wayar wani, shi ma yakan gamu da irin haka. A nan wayar lafiyarta ƙalau, magani shi ne a ƙaurace wa shafin.

Ta biyu ita ce izinin da aka ba wani shafi a cikin burauza. Tun 2015 Chrome ta ba shafuka damar aiko da sanarwa zuwa saman fuskar waya, in mai waya ya amince. Mazambata sukan ce a latsa `Allow` domin a tabbatar da cewa mutum ne ba na'ura ba, ko domin bidiyo ya fara. Wanda ya latsa ya ba su izini ke nan. Shafin zai bar wani ɗan ƙaramin shiri a cikin burauzar, wanda ake tayar da shi duk lokacin da suka aiko da saƙo, ko da an rufe shafin tun makon jiya. Alamar wannan ita ce saƙonnin suna zuwa ne a jerin sanarwa, da tambarin Chrome, kuma sai an taɓa su ake zuwa shafin zamba.

Ta uku ita ce manhajar da aka girka a wayar. Kowace manhaja a Android tana iya umurtar burauza ta buɗe adireshi. Muguwar manhaja takan yi haka ba dare ba rana. Alamarta ita ce burauza tana buɗe kanta da kanta, ko talla ta rufe fuskar waya gaba ɗaya alhali mutum yana cikin kira ko rubuta saƙo, ko da zarar an buɗe makullin waya.

Ta huɗu ita ce hanyar sadarwa. Kafin waya ta je kowane shafi, sai ta tambayi wani tsari mai suna DNS ya fassara mata sunan shafin zuwa lambobin adireshinsa. Idan aka lalata saitin rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ana iya ba wayar amsar ƙarya. An ga irin wannan a 2018, lokacin da wani farmaki da masu bincike na kamfanin Kaspersky suka kira Roaming Mantis ya riƙa sauya DNS na rautoci yana tura wayoyin Android zuwa shafukan bogi. Alamar ita ce matsalar tana faruwa a kan Wi-Fi guda ɗaya, tana shafar duk wanda ke kansa, kuma tana gushewa idan aka koma datar layi. Sai dai kada a rikita wannan da shafin shiga da Wi-Fi na makaranta ko otal yake nunawa da farko, wanda halas ne.

Bincike mataki-mataki

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata malamar kimiyya ce wayarta ta fara buɗe shafin caca da na kyautar data kamar sau goma a yini, kwana uku ke nan. Ƙa'idar binciken ita ce wadda take koya wa ɗalibanta a ɗakin gwaje-gwaje: a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a duba sakamako, a rubuta.

Gwaji na farko na hanyar sadarwa ne, domin shi ya fi sauƙi. Ta kashe Wi-Fi ta koma datar layi, shafukan suka ci gaba da fitowa. Ta kuma duba `Private DNS` a cikin `Settings`, saitin da ya zo tun Android 9 a 2018, ta ga yana kan `Automatic`, babu wani baƙon suna da aka rubuta. Ke nan an cire kafa ta huɗu.

Gwaji na biyu na sanarwa ne. Da saƙon kyauta ya shigo, maimakon ta taɓa shi sai ta danne shi da yatsa na ɗan lokaci. Wayar ta nuna mata cewa daga Chrome ya fito, tare da sunan shafin da ya aiko. Ta shiga Chrome, ta latsa ɗigo uku na sama, ta bi `Settings`, `Site settings`, `Notifications`. A ƙarƙashin waɗanda aka yarje wa ta tarar da shafuka biyar: ɗaya na jaridar da take karantawa, huɗu kuwa sunayensu tarin haruffa ne marasa ma'ana. Ta toshe huɗun. A nan akwai bambanci mai amfani. Idan aka share izini kawai, shafin zai iya sake tambaya wata rana, amma idan aka toshe shi ba zai ƙara tambaya ba. Daga nan saƙonnin sama suka tsaya, amma Chrome ta ci gaba da buɗe kanta duk lokacin da aka buɗe makullin waya. Wannan ya nuna cewa cututtuka biyu ne suka haɗu, abin da yakan faru da yawa, domin shafin zamba ɗaya yakan jawo wani.

Gwaji na uku shi ne `Safe mode`. A wannan yanayi waya tana tashi ne da manhajojin da ta zo da su daga masana'anta kaɗai, duk waɗanda aka girka daga baya suna barci. A wayoyi da yawa ana danne maɓallin kashewa, sannan a danne rubutun `Power off` har sai an ga tambayar shiga `Safe mode`, ko da yake hanyar tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Malamar ta bar wayar a haka na tsawon sa'o'i biyu tana amfani da ita. Ya kamata a lura da lissafin: matsalar da ke zuwa sau goma a yini, kusan sau ɗaya ke nan a kowace sa'a ɗaya da rabi ta lokacin da mutum yake farke, don haka gwajin minti biyar ba zai tabbatar da komai ba. A cikin sa'o'in biyu ta buɗe makullin waya sau da yawa, babu shafin da ya fito. Zargi ya koma kan wata manhaja da aka girka.

Saura gano wace ce. Ta tuna cewa kwana huɗu da suka wuce an tura mata manhajoji biyu ta Xender, ɗaya ta kallon bidiyo, ɗaya wai ta share datti da ƙara wa waya sauri. Ta buɗe `Settings`, `Apps`, ta bi jerin har ƙasa, domin muguwar manhaja takan ɓoye tambarinta daga fuskar waya, wata ma ba ta da suna ko hoto a cikin jerin, sai fili fari. Sannan ta duba wurare huɗu da irin waɗannan manhajoji suke neman iko: `Display over other apps`, mai ba da damar rufe fuskar waya da talla; `Accessibility`, wanda aka yi domin masu lalurar gani, amma yana ba manhaja ikon karanta abin da ke fuskar waya da latsa maɓallai; `Install unknown apps`, mai ba da damar girka wasu manhajoji; da `Device admin apps`. Manhajar share dattin tana cikin uku daga huɗun. Da ta zo cire ta sai ta ga maɓallin `Uninstall` ya dushe ba ya latsuwa. Dalili shi ne manhajar ta mai da kanta mai kula da waya. Sai da ta janye mata wannan matsayi a `Device admin apps` sannan ta ciru. Bayan haka ta sake kunna wayar yadda aka saba, ta buɗe Play Store ta sa `Play Protect` ya yi bincike, ta kuma jira yini guda. Shafukan ba su dawo ba.

Da a ce ba ta iya tuna abin da ta girka ba, sai ta riƙa cire sababbin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, tana farawa da ta ƙarshe, tana jira bayan kowace. Wanda ya cire goma a lokaci guda zai iya warkewa, amma ba zai san wace ce mai laifin ba, kuma gobe yana iya mayar da ita.

Mayar da burauza sabuwa

Sai bayan an toshe kafar ne ake wanke burauza. Wanda ya fara da wanki alhali muguwar manhaja tana nan, ya yi aikin baban giwa. Chrome ta kwamfuta tana da maɓalli guda na mayar da saiti yadda yake tun farko, amma ta Android ba ta da shi, don haka aikin hawa uku ne, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Hawa na farko shi ne gyara saiti. A cikin `Site settings` a tabbatar an toshe `Pop-ups and redirects`, a kuma hana shafuka neman izinin sanarwa in ba a bukata. A duba `Homepage` da `Search engine` ko an sauya su. A ƙarƙashin `Privacy and security` a tabbatar `Safe Browsing` yana kunne, domin shi ne yake nuna jan gargaɗi kafin a shiga shafin da aka riga aka san na zamba ne.

Hawa na biyu shi ne `Delete browsing data`, wanda tsofaffin Chrome suke kira `Clear browsing data`. A zaɓi `All time`, a sa alama a kan tarihi, da `Cookies and site data`, da `Cached images and files`, da `Site settings`. Kada a sa alama a kan kalmomin sirri in suna cikin jerin. Goge kukis zai fitar da mutum daga yawancin shafukan da ya shiga da sunansa, kuma zai tafi da waɗancan ƙananan shirye-shirye da shafuka suka bari. A nan ne mutane da yawa suke kuskure: sukan latsa `Clear cache` kaɗai su ɗauka an gama. Wannan kwafin hotuna da fayilolin wucin gadi kawai yake sharewa, ba ya taɓa izinin da aka ba kowane shafi.

Hawa na uku shi ne share duk bayanan Chrome, ta `Settings` na waya, `Apps`, `Chrome`, `Storage`, sannan `Manage space` ko `Clear storage`, a ƙarshe `Clear all data`. Wannan zai mayar da ita kamar ranar da aka fara buɗe ta. Duk shafukan da ke buɗe za su tafi, haka nan alamomin shafuka da tarihin da ba a adana su a asusun Google ba. Saboda haka kafin a latsa, sai an yi abu uku. A tabbatar an san kalmar sirrin asusun Google ɗin, ta hanyar gwada shiga da ita a wata na'ura da aka amince da ita. A duba cewa alamomin shafuka da kalmomin sirri suna cikin asusun, misali ta buɗe `passwords.google.com`. Sannan ɗalibin da yake tsakiyar cike fom na jarrabawa ko na neman gurbin karatu ya kammala, ya rubuta lambar rajistarsa a takarda. Bayan an share, a sabunta Chrome daga Play Store, a shiga asusun, kuma a kula kada a sake buɗe tsohon shafin zamba daga tarihin da asusun zai dawo da shi.

Idan duk wannan bai yi ba

Mataki na ƙarshe shi ne `Factory reset`, wato goge wayar baki ɗaya. Ana yin sa ne idan alamu sun nuna manhaja ce amma an kasa gano ta. Kafin nan a kwashe hotuna da takardu da lambobin mutane, a adana hirarrakin WhatsApp, a kuma tabbatar da kalmar sirrin Google, domin tun Android 5.1 a 2015 wayar da aka goge takan iya ƙin buɗewa sai an shigar da asusun da ke kanta a da. Bayan gogewa a girka manhajoji ɗaya-ɗaya daga Play Store, kada a dawo da su a dunƙule.

Shi ma wannan yana da iyaka. Idan cutar tana cikin manhajojin da wayar ta zo da su, to `Safe mode` ba zai kwantar da ita ba, gogewa ma ba za ta cire ta ba. A 2019 kamfanin Google ya tabbatar da cewa an cusa wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wasu wayoyi tun kafin su bar hannun masu haɗa su. A 2020 kuma masu bincike na Secure-D suka ba da rahoton samun Triada da xHelper a wayoyi kimanin 53,000 samfurin Tecno W2 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha da Masar da Ghana da Kamaru da Afirka ta Kudu, suna yi wa masu wayar rajistar ayyukan biyan kuɗi ba da saninsu ba. Kamfanin ya ce matsalar ta samo asali ne daga wani mai kawo masa kayan aiki, kuma ya fitar da gyara. Alamar irin wannan ita ce tallace-tallace su dawo a wayar da aka goge tun ba a girka komai ba. Maganinta shi ne sabunta tsarin wayar daga kamfanin da ya ƙera ta, ko kai ta cibiyar gyaransa a sake ɗora mata tsari na asali.

Idan an riga an ba da bayani

Wanke burauza ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Wanda ya rubuta lambar katin banki, ko lambar sirrinsa, ko lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa, to ya ajiye binciken waya ya fara da banki. Ya kira lambar da ke bayan katinsa ko ya je reshe a toshe katin, kada ya kira lambar da shafin ya nuna masa. Wanda ya ba da kalmar sirri ya sauya ta daga wata na'ura mai tsabta, ya fara da ta imel, domin ta imel ake sauya sauran. Wanda ya ba da lambar BVN ko NIN ya sa ran kiran wani da zai ce daga banki yake, yana karanto masa sunansa da ranar haihuwarsa domin ya yarda. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Idan kuwa kuɗin kira ne suke zurarewa, a Nijeriya tun 2023 an daidaita gajerun lambobi a duk layuka: `*305#` na dakatar da ayyukan da ake cirar kuɗi a kansu, 300 na kiran masu kula da abokan hulɗa, sannan 622 na kai ƙorafi ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa idan kamfanin layin bai share wa mutum hawaye ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa tsarin aikin yana da jeri, kuma jerin ne yake kare mutum daga asara. A rufe shafin ba tare da an taɓa cikinsa ba. A tambayi kai yaushe ne kuma a ina ne abin yake faruwa: a shafi ɗaya, ko a jerin sanarwa, ko a ko'ina cikin waya, ko a kan Wi-Fi guda. A toshe kafar da aka gano, a adana abin da ake bukata, sannan a wanke burauza daga hawa mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Malamai suna iya mayar da wannan darasi na aji. A sa kowane ɗalibi ya buɗe `Site settings` da `Notifications` a wata waya ta gidansu, da izinin mai ita, ya ƙirga shafukan da aka yarje wa, ya ware waɗanda mai wayar ya sani da waɗanda bai sani ba. A haɗa alƙaluman a allo, a fitar da matsakaici, a tattauna ta yadda kowane baƙon shafi ya sami izininsa. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya zai dakata ya karanta kafin ya sake latsa `Allow`.